Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu kula da shafukan sada zumunta na hukumomi, ƙungiyoyi da kafafen labarai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa maza da mata da ke riƙe da shafukan nan, ina muku fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Na rubuto ne a madadin mabiyanku makafi da masu raunin gani, waɗanda ke karanta abin da kuke wallafawa da kunne, ko da yatsa a allon birel, ko ta hanyar ƙara girman rubutu har kalma uku ta cika fuskar waya. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne salon da yawancinku kuka koma: a zana sanarwa kacokan a cikin hoto, a rubuta kalma biyu a ƙasa, sannan a jero imoji da tarin maudu'ai masu alamar #. Wanda ke gani ya ƙaru, mu kuwa mun tashi a tutar babu.

Bari in fara da yadda muke karatu, domin duk ƙorafin nan daga nan ya samo asali. A wayar Android akwai manhajar TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, a kwamfuta kuma da yawanmu NVDA muke amfani da ita, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2006, wasu kuma JAWS. Aikinsu ɗaya: su mayar da rubutu magana. Suna farawa daga harafin farko su bi a jere har na ƙarshe. Ido kan yi tsalle, ya ƙyale ado ya dira kan ranar taro a cikin daƙiƙa guda. Kunne ba ya tsalle. Abin da kuka sa a gaba shi za mu fara ji, abin da kuka maimaita sau goma sau goma za mu ji shi, kuma a manhajojin waya da dama saƙo ɗaya dunƙule yake, ba a iya tsallake rabinsa cikin sauƙi. Ga wani ƙarin nauyi: da yawanmu muryar Turanci ce ke karanta mana Hausa, tana tauna kalmomin yadda ta ga dama, mu kuma mun saba da gyarawa a zuci. Ke nan tun kafin ku ƙara wani cikas, muna kan aikin fassara.

Ƙorafi na farko, kuma mafi girma, shi ne ɓoye labari a cikin hoto. Rubutun da aka zana a fosta ba rubutu ba ne a wurin manhajar karatu, ɗigogin launi ne kawai. Idan ba ku rubuta komai ba, sau da yawa abin da za ta ce shi ne "hoto", ta yi gaba. Wata ƙanwata da muke ƙungiya ɗaya ta rasa damar neman tallafin karatu ta haka. Ƙungiyar da ta bayar da sanarwar ta sa sharuɗɗa da ranar rufewa duk a fosta, a ƙasa kuma aka rubuta "Ga dama ta samu" da yatsu masu nuni ƙasa. Ta ji saƙon a ranar da ya fito, amma ba ta san damar mece ce ba, sai da wani mai gani ya yi mata zancen bayan an rufe. Ba wanda ya yi niyyar cire ta, amma an cire ta ɗin.

Ga kwatankwacin yadda irin wannan saƙo yake zuwa:

```
Ga dama ta samu 👇👇👇🔥🔥
.
.
.
#tallafinkaratu #matasadazumunta #KARATUKYAUTA
```

Abin da kunne zai ji shi ne kalmomi huɗun farko, sai sunan yatsa mai nuni ƙasa, sai sunan wuta, sai wataƙila "aya, aya, aya" idan mutum ya saita manhajarsa ta riƙa faɗin alamomin rubutu, sai wasu dogayen kalmomi uku da ba su da kai ba su da gindi. Babu wanda ya bayar, babu wanda ya cancanta, babu rana. Kalmar "ƙasa" da yatsan ke nunawa ma ba ta da amfani gare mu, tun da ba mu san inda hoton yake a fuskar waya ba.

Ga saƙon nan ɗaya idan an rubuta shi don a ji:

```
Tallafin karatun digiri na farko ga ɗalibai 20.
Za a rufe karɓar takardu ranar Juma'a, 14 ga Maris,
da ƙarfe 4 na yamma. Ana buƙatar takardar shaidar
kammala sakandare da ta samun gurbi a jami'a.
Adireshin cike fom yana ƙarshen wannan saƙo.

#TallafinKaratu #MatasaDaZumunta
```

Ku lura da tsarin. Jimlar farko ta faɗi mene ne, ta biyu ta faɗi yaushe, ta uku ta faɗi abin da ake buƙata. Wanda abin bai shafa ba zai gane tun a numfashin farko ya wuce, wanda ya shafa kuma ya samu abin da zai yi aiki da shi ba tare da ya nemi mai gani ba. An rubuta sunan wata da sunan rana a cike, domin "14/3" na iya fitowa a matsayin lissafin rabawa ko lambobi biyu da alama a tsakani, "5/6" kuwa ko mai gani ba shi da tabbas Mayu ake nufi ko Yuni. Wannan tsari yana da wata riba da ta shafe ku kai tsaye: dandamali irin su Instagram da Facebook kan yanke dogon bayani bayan layukan farko su ɓoye saura, don haka abin da kuka sa a gaba shi ne kowa zai fara cin karo da shi.

Na san wasunku za su ce ai akwai gurbin `Alt text`, wato inda ake rubuta bayanin abin da ke cikin hoto. Gaskiya ne, kuma muna son ku riƙa cike shi. Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya buɗe wannan gurbi a 2016, kuma a yau yana ɗaukar haruffa har 1,000. Instagram ya biyo baya a 2018. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C, waɗanda su ne ma'aunin sauƙaƙa intanet ga masu buƙata ta musamman, sharaɗinsu na farko, mai lamba 1.1.1, shi ne duk abin da ba rubutu ba a samar masa rubutun da zai tsaya a madadinsa. Amma wannan gurbi da bayanin da ke ƙasan hoto aikinsu daban-daban ne. Gurbin yana amsa tambayar "me ke cikin hoton?", kuma a mafi yawan dandamali ɓoye yake, manhajar karatu ce ke ganinsa. Bayanin ƙasan hoto yana amsa "me kuke so in sani ko in yi?", kuma kowa na ganinsa. Dattijon da idonsa ya yi rauni, wanda ba ya amfani da manhajar karatu sai dai ya ƙara girman haruffa a saitin wayarsa, ba zai amfana da ɓoyayyen bayani ba. Rubutun fosta kuma ba ya bin saitin wayarsa, idan ya ja hoton ya girma sai haruffan su dushe. Shi ya sa rana, lokaci, wuri da sharaɗi wurinsu bayanin fili ne. A gurbin ɓoye sai a ce, misali, "Fosta mai ɗauke da sanarwar tallafin karatu, cikakken bayaninta yana cikin saƙon. Ɗalibai biyu suna karatu a teburi ɗaya." Ba sai an fara da "wannan hoton" ba, manhajar ta riga ta faɗa mana hoto ne. Kuma don Allah kada a mayar da gurbin ma'ajiyar maudu'ai ko wurin sa sunan mai ɗaukar hoto kaɗai. Na sha buɗe bayanin hoto da murna in tarar da kalmomin talla ne aka cusa.

Ƙorafi na biyu shi ne yadda ake rubuta maudu'ai. Tun da Chris Messina ya kawo shawarar amfani da alamar # a Twitter a watan Agustan 2007, dokarta ɗaya ce: ba a barin sarari a tsakanin kalmomi. To, sarari kuwa shi ne abin da manhajar karatu ke dogaro da shi ta gane inda kalma ta ƙare. Idan aka cire shi aka bar komai da ƙananan haruffa, sai ta ɗauki jimla guda a matsayin kalma ɗaya ta yi ƙoƙarin furta ta. Abin da ke fitowa wani gurnani ne da ba Hausa ba, ba Turanci ba. Wanda ya nace sai ya sani dole ya koma ya bi harafi-harafi, yana haɗawa a ka. Maganin bai kai ya kawo ba: a fara kowace kalma da babban harafi. Manhajojin karatu na ɗaukar sauyawa daga ƙaramin harafi zuwa babba a matsayin iyakar kalma, sai su furta kowace daban.

Ku sake duba maudu'i na biyu a misalin can:

```
#matasadazumunta
#MatasaDaZumunta
#MataSadaZumunta
```

Layi na farko na iya zama na biyu, yana iya zama na uku. Shirin matasa ne ko na mata? Haruffan iri ɗaya ne sak, babban harafi ne kaɗai ya raba gardama. Wannan ruɗani ba makafi kaɗai yake kamawa ba. Da Margaret Thatcher ta rasu a watan Afrilun 2013, an yi ta yaɗa `#nowthatchersdead`, mutane masu ido biyu suka karanta shi a matsayin labarin mutuwar mawaƙiya Cher, wadda ke raye lafiya lau. Idan haka ta faru da masu gani a harshensu, ku ƙaddara halin mai sauraron Hausa a bakin muryar Turanci.

Na ji wasu na tsoron cewa sauya haruffa zai raba saƙonsu da sauran saƙonnin da ke ƙarƙashin maudu'in. Ba haka ba ne. Binciken maudu'i ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, `#TallafinKaratu` da `#tallafinkaratu` wuri ɗaya suke kai mutum. Ba ku rasa mabiyi ko ɗaya. Tarkon da ya kamata ku kula da shi yana wani wuri: idan kun fara rubuta maudu'i, manhajar dandamalin kan kawo shawarar wanda aka saba amfani da shi, sau da yawa da ƙananan haruffa zalla, kuna taɓa shi sai ya maye gurbin abin da kuka rubuta. Ku ƙarasa rubutawa da hannunku, ko ku gyara bayan kun zaɓa.

Rubuta maudu'i duka da manyan haruffa, kamar `#KARATUKYAUTA`, bai gyara komai ba, domin iyakar kalma ta sake ɓacewa, kuma wasu muryoyin kan ɗauki manyan haruffa a jere a matsayin taƙaitaccen suna su bi su ɗaya-ɗaya. Akwai kuma abin da ya shafi rubutunmu musamman. Alamar ɗauri da ke cikin kalmomi irin su jami'a da sana'a tana yanke maudu'i, idan kun rubuta `#Jami'a` abin da zai zama maudu'i shi ne `#Jami` kawai, sauran ya zube. Idan kuka cire alamar kuma furucin ya ƙara lalacewa. Gara a zaɓi wata kalmar da ba ta da wannan alama, ko a rubuta kalmar daidai a cikin jimla a bar maudu'in ya zama gajere. Haka batun haruffa masu lanƙwasa. Na san da yawa kan rubuta k a madadin ƙ a maudu'i don ya dace da abin da mutane ke bugawa a bincike, kuma ban ga laifinsu ba, amma idan kalmar na iya juyewa, kamar kare da ƙare, to jimlar da ke sama ta fayyace abin da ake nufi kafin a iso maudu'in.

Sai wurin da ake sa su da kuma yawansu. Duk lokacin da manhajar ta ci karo da maudu'i, takan faɗi sunan alamar, a kwamfuta kuma ta ƙara sanar da cewa abin latsawa ne. Idan kuka sa alamar a kan kalmomi huɗu a tsakiyar jimla, jimlar ta kakkarye gida biyar, kafin a kai ƙarshenta an manta farkonta. Ku bar jimla ta tafi sumul, maudu'ai su zo a ƙarshe a layinsu. Biyu ko uku da suka dace sun isa. Mai gani ba ya ma kallon jerin ashirin ɗin da ake zubawa, mu ne ke zaman sauraronsu, sau da yawa da fatan akwai wani abu mai amfani a bayansu.

Ƙorafi na uku na ado ne, kuma a nan ina so a fahimce ni. Ba ma ƙin imoji, mu ma muna aika wa juna. Kowane imoji yana da suna a Unicode, wato tsarin da na'urori ke bi su gane haruffa da alamomi, kuma sunan nan manhajar ke karantawa. Guda ɗaya a ƙarshen jimla yana gaya mana cewa wasa ake yi ko murna. Wasu manhajojin ma kan taƙaita idan iri ɗaya ne a jere, su faɗi adadi. Inda abin ke ɓaci shi ne sa imojin tafi a tsakanin kowace kalma, ko fara kowane layi da imoji a matsayin alamar jeri, ko sa imoji a madadin kalma. Idan kuka sa hoton kalanda a maimakon "rana", da jan ƙusa a maimakon "wuri", mu sunayen waɗannan hotuna za mu ji, kuma sunan da aka ba imoji ba lallai ya zo daidai da abin da ke ranku ba. Gwajin mai sauƙi ne: ku cire dukkan imojin daga saƙon, idan ma'ana ta ragu to kalma ta ɓace, a mayar da ita.

Wanda ya fi wannan muni shi ne haruffan ƙawa, masu kauri ko masu kwanciya ko masu kama da rubutun hannu, da ake kwafowa daga wasu shafuka a liƙa a suna ko kanun saƙo. A ido haruffa ne. A wurin na'ura kuwa alamomin lissafi ne, daga wani rukuni na Unicode da aka tanada don masana lissafi, wanda ya fara daga `U+1D400`. Manhajar karatu ɗayan biyu take yi. Ko dai ta bi su ɗaya-ɗaya tana cewa babban harafi kaza mai kauri na lissafi, har kalma mai harafi shida ta zama doguwar huɗuba, ko ta tsallake su shiru kamar ba a rubuta komai ba. Na biyun ya fi haɗari, domin ba za mu san mun rasa wani abu ba. Abin takaicin shi ne kalmar da ta fi muhimmanci ita ake yi wa wannan ado, wato ranar rufewa ko gargaɗi, ita ce kuma ke ɓacewa. Shafin da ya rubuta sunansa da irin waɗannan haruffa kuwa, duk saƙon da ya fitar sai mun sha wannan karatu kafin mu kai ga magana.

Bidiyo ma ya shiga wannan sahu. Idan rubutu ne ke wucewa a allo kiɗa na tashi, kiɗan kaɗai muka samu. A rubuta abin da bidiyon ya ƙunsa a bayanin ƙasa.

Ga hukumomi da kafafen labarai musamman, wannan ya wuce batun kyautatawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta shekarar 2006, ta yi magana a sashe na 9 da na 21 kan samar da bayanai ta hanyar da kowa zai iya kaiwa gare su. Sanarwar ɗaukar aiki, gargaɗin ambaliya ko jadawalin rigakafi da aka kulle a hoto ba ta kai ga kowa ba.

Abin da muke roƙo shi ne wannan. Ku mayar da shi doka a ofisoshinku cewa ba za a wallafa fosta ba sai muhimman bayananta sun fito a rubuce a ƙasa, labari a jimlar farko. Ku cike gurbin bayanin hoto da abin da ke cikin hoton, idan kuma hoton allo ne na wata takarda ko saƙon wani, ku kwafe rubutun, domin duk bayanin da ke jikin na asali ba ya biyo hoton allo. Kowace kalma a maudu'i ta fara da babban harafi, kuma idan ku ne kuka ƙirƙiri maudu'in wani gangami, ku fitar da shi a haka tun ranar farko, a fosta da riga da ko'ina, saboda yadda kuka rubuta shi haka jama'a za su kwafa. Ku cire haruffan ƙawa daga sunayen shafukanku. Ku rubuta waɗannan a takardar ƙa'idar aiki, kada su tsaya a kan mutum ɗaya mai kirki da zai bar aiki gobe a koma gidan jiya.

Roƙo na ƙarshe shi ne ku saurari saƙonku da kanku kafin ya fita. Manhajar karatun tana cikin wayar da ke hannunku, a saitin `Accessibility`. Ku sani idan kun kunna ta taɓawa ɗaya zaɓe ne kawai, sai an taɓa sau biyu abu ke buɗewa, don haka ku fara koyon yadda ake kashe ta kada ku maƙale. Sannan ku taɓa saƙon, ku kawar da ido, ku tambayi kanku ko kun san mene ne, yaushe ne, kuma me ake so ku yi. Idan kuna da mabiya makafi da ke turo muku gyara, ku amsa musu, in da hali ku ɗauki ɗaya daga cikinsu ya riƙa duba muku manyan sanarwowi, a biya shi ladan aikinsa.

Wassalam.

Naku,
wani mabiyinku mai karatu da kunne, a madadin 'yan'uwansa.